Minti Talatin a Bayan Ƙyaure: Yadda Bango da Ƙofa Ke Tsare Gobara a Ɗaki Guda

Duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari bayan gobarar watan Maris na 2016 ya ga abin da ya kamata ya tsaya masa a rai. Dubban shaguna sun ƙone, kaya sun zama toka, kwanon rufi ya lanƙwashe ya rufta, amma a layuka da dama bangon bulo yana nan tsaye, ya yi baƙi kawai. Idan bangon bai faɗi ba, kuma bulo ba ya cin wuta, ta ina wutar ta bi daga shago zuwa shago? Amsar wannan tambaya ita ce ginshiƙin abin da masana gine-gine ke nufi da raba gini gida-gida domin tsare gobara, kuma a ganina mu a Kano mun riga mun biya kuɗin kashi mafi tsada na wannan tsari, wato bango da dakin na kankare, sai muka bar ƙananan wuraren da ke rushe amfaninsa gaba ɗaya.

Tunanin da ke bayan tsarin mai sauƙi ne. Ana ɗaukar kowane sashe na gini, ko shago ne ko sito ko gidan haya guda a cikin bene, a matsayin akwati mai fuska shida: bango huɗu, ƙasa, da sama. Idan dukkan fuskokin nan shida za su iya jure wuta na wani ƙayyadadden lokaci, to gobarar da ta tashi a ciki za ta ci abin da ke ciki, amma ba za ta fita ba kafin mutane su tsere kuma 'yan kwana-kwana su iso. Ba a yi wannan tsari don a kashe wuta ba. An yi shi ne don a sayi lokaci, shi ya sa ake auna shi da mintuna: talatin, sittin, casa'in, ɗari da ashirin. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni, masu rufin soro da azara, suna da wani abu na wannan siffa ba tare da an sa masa suna ba, domin kowane ɗaki yana rufe da ƙasa ta sama da ta gefe, kuma babu wani sarari a saman ɗakuna da ya haɗa su. Da muka koma rufin kwano da silin sai muka buɗe wa wuta hanyar da kakanninmu ba su bar mata ba.

Kafin a fahimci aikin akwatin, sai an san yadda wuta ke girma a ɗaki. A farko abu guda ne ke ci, misali kwali a kusa da soket ɗin da ya yi zafi. Hayaƙinsa mai zafi yana tashi sama saboda ya fi iskar ɗakin rashin nauyi, ya taru a ƙarƙashin silin, ya yi ta kauri yana saukowa. Wannan tarin hayaƙi yana dukan duk abin da ke ƙasa da zafi, kamar yadda garwashi ke gasa tsire ba tare da ya taɓa shi ba. Idan zafinsa ya kai wajen digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyos, sai duk kayan ɗakin su kama kusan a lokaci guda. A ɗakin da ke cike da katifar soso, leda ko yadin roba, hakan na iya faruwa cikin 'yan mintuna, kuma daga nan babu mai rai da zai tsira a ciki, babu kuma bokitin ruwan da zai yi wani tasiri.

Amma wuta ba ta kai wannan matsayi sai ta samu iska, kuma a nan ne rufaffiyar ƙofa ke yin aikinta na farko, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Mu ɗauki shago mai faɗin mita 3, tsawon mita 4, tsayin mita 3. Iskar da ke cikinsa tana da nauyin kilo 43 ko kusa da haka, kuma kilo 10 ne kawai daga ciki iskar oksijin da wuta ke sha. Harshen wuta yakan fara mutuwa idan oksijin ya sauko daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen kashi 14 ko 15, ma'ana kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai za ta iya amfani da shi. Wannan bai wuce abin da zai ƙone kilo biyu zuwa uku na yadin auduga ba, wato turamen atamfa kaɗan a shagon da ke ɗauke da ɗaruruwa. Babu shagon da ke toshe ruf kamar kwalba, don haka wutar za ta ci gaba da cin kaya a hankali da iskar da ke sulalowa, amma bambancin da ke tsakanin wannan da wutar da aka buɗe wa ƙofa kamar bambancin murhun da aka rufe ne da wanda ake yi wa fifita.

Wannan lissafi yana da haɗarinsa. Shagon da wuta ta shaƙe a ciki yana cika da hayaƙi mai zafi wanda shi kansa makamashi ne da bai gama ƙonewa ba. Idan mai shago ya zo a guje ya ɓalle kwaɗo ya wangale ƙofa don ya ceci kaya, iska na shiga sai hayaƙin ya kama baki ɗaya ya yi tsartuwa waje, ya haɗa da wanda ke tsaye a bakin ƙofar. Alamunsa sanannu ne ga masu kashe gobara: ƙyaure ya yi zafin da ba a iya taɓawa, hayaƙi yana fita ta kafofi yana komawa kamar numfashi, gilashi ya yi baƙi da maiƙo. Ƙofar da ke nuna waɗannan alamu a bar ta a rufe har sai masu tiyo sun iso.

Yanzu mu koma ga tambayar bangon da bai faɗi ba. A yawancin layukan shaguna masu hawa ɗaya, birkila yana ɗaga bangon da ke raba shago da shago zuwa inda za a buga silin ne, sai ya tsaya. Daga nan zuwa kwano fili ne guda ɗaya da ya miƙe daga farkon layi zuwa ƙarshensa, cike da katakon rufi da rana ta shekara da shekaru tana busarwa, da wayoyin lantarki da aka ja barkatai. Silin kuwa, in na roba ne yana narkewa ya zubo tun wutar ba ta yi nisa ba, in na falanki ko na kwali ne shi ma abincinta ne. Da zarar hayaƙi mai zafi ya huda silin shago ɗaya, sai ya bazu a ƙarƙashin kwano hagu da dama, katako ya kama, garwashi da narkakkiyar roba su riƙa zubowa a kan kayan maƙwabta daga sama. Mai shago na goma yana iya tsayawa a gaban ƙofarsa ta ƙarfe da kwaɗo uku yana ganin komai lafiya, alhali wuta ta riga ta shiga masa ta rufi. Akwatin nasa fuska biyar gare shi.

Gyaran wannan ba ya buƙatar wani abu da za a yi odarsa daga waje. Bangon bulo mai inci tara da aka yi wa filasta ciki da waje yakan jure gobara fiye da awa guda. Abin da ake bukata shi ne a ci gaba da ɗaga shi har ya taɓa kwano, a cike gibin da ke tsakaninsu da abin da ba ya cin wuta, ko ma a fitar da shi sama da kwanon kaɗan yadda rufin kowane ɓangare zai rabu da na maƙwabcinsa. Kuma kada katakon rufi ya ratsa ta cikin bangon daga wannan gefe zuwa wancan, domin katako guda ya isa ya zama gada. Ko ba a yi wa kowane shago haka ba, idan aka yi bayan kowane shago huɗu ko biyar, an ƙayyade iyakar asarar da dare guda zai iya jawowa. Layin bulo huɗu ko biyar ne ake ƙarawa, kuma abin takaici ne a ce don tsimin wannan ake barin layin shaguna guda a hannun soket guda.

A benayen kasuwanci irin waɗanda suka cika Kantin Kwari, inda dakin na kankare ya raba hawa da hawa, matsalar takan sauya wuri. Sama da ƙasa suna da ƙarfi, sai dai an huda su. Mai aikin famfo ya fasa dakin ya wuce da bututun roba, mai wayarin ya sassaƙe bango ya wuce da damin wayoyi, mai sa na'urar sanyaya ɗaki ya huda nasa ramin ya cusa leda ko soso a gefe, daga baya mai sola ya zo ya ƙara nasa. Bututun roba yana laushi ya zube da wuri, sai ya bar rami mai faɗin tafin hannu a tsakiyar dakin ɗin da aka kashe miliyoyi a kansa. Ka'ida ita ce duk abin da ya ratsa bangon tsare wuta a toshe gefensa da siminti ko audugar dutse, wadda ake yi da narkakken dutse kuma ba ta ci, sannan bututun roba a sa masa wani ƙawanya mai kumbura da zafi wadda ke matse bututun ta rufe ramin idan ya narke. Kumfar nan da ake fesawa daga gwangwani don cike rami, irin ta gama-gari, tana ci da wuta, kuma ganin rami a cike da ita bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba.

Rami mafi girma a kowane bango dai shi ne ƙofa, kuma ita kaɗai ce ɓangaren akwatin da dole ya riƙa motsi sau ɗari a yini. Shi ya sa ƙofar tsare wuta ta zama sana'a mai zaman kanta. Ana gwada ta ne a bakin wani tanderu na musamman: a gina ta a jikin bango kamar yadda za a sa ta a gini, a kunna wuta ta gefe guda bisa wani ma'aunin zafi da duniya ta amince da shi. Bayan minti 5 zafin tanderun ya kai digiri 576, bayan minti 30 ya kai 842, bayan awa guda ya kai 945. Masu gwajin suna tsaye a ɗaya gefen suna duba ko harshen wuta ya ɓullo ya daɗe, ko wata kafa ta buɗe, ko iskar da ke fitowa ta isa ta kunna ƙullin audugar da suke karawa. Idan ana son a san ko tana hana zafi wucewa, sai a auna bayanta, inda ba a yarda matsakaicin zafi ya ƙaru da fiye da digiri 140 ba. Wadda ta kai rabin awa a tsarin Birtaniya ana yi mata lamba FD30, wadda ta kai awa guda FD60, kuma lambar tana kan wata 'yar takarda ko ƙarfe da ake mannawa a saman ƙyauren ko a gefen hinji. Mintunan nan na tanderu ne. Gobarar sito mai cike da roba tana iya fin tanderun zafi a farkonta, don haka lambar ma'aunin kwatanta ƙofa da ƙofa ce, kada a ɗauke ta alkawarin agogo.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawancin irin waɗannan ƙofofi a ƙasashen da suka fi amfani da su na katako ne. Katako mai kauri idan ya kama yana yin gawayi a fuskarsa, gawayin kuma yana kare abin da ke bayansa, don haka wuta tana cin wajen kashi biyu cikin uku na milimita ne kawai a minti guda. A rabin awa ta ci wajen milimita 20. Ƙyauren rabin awa yawanci kaurinsa milimita 44 ne, cike yake ba rami a ciki, na awa guda kuma 54, saboda haka akwai sauran jiki da zai riƙe shi a tsaye. Ƙofar falanki mai rami a ciki, irin wadda ake sa wa ɗakunan kwana, fata biyu ce siririya da iska a tsakani, kuma mintuna kaɗan take yi. Duk da haka ko ita a rufe ta fi buɗaɗɗiya nesa ba kusa ba.

Ƙofar ƙarfe da mai walda ya haɗa, wadda muka fi yarda da ita a Kano, an yi ta ne don ɓarawo. Gaskiya ne ba ta ci, kuma tana hana iska shiga gwargwado, amma tana da rauni biyu. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, kuma da yake fuskar da ke kallon wuta ta fi ta baya zafi, sai ƙyauren ya bankare, kusurwarsa ta sama ta rabu da firam, kafa ta buɗe daidai inda hayaƙi ya fi matsawa. Na biyu, faranti guda na ƙarfe yana wuce da zafi kamar kasko, har ya yi ja, ya kunna dilar yadin da aka jingina a bayansa ko a kusa da shi ba tare da harshen wuta ya tsallaka ba. Akwai ƙofofin ƙarfe na tsare wuta na gaskiya, faranti biyu da audugar dutse a tsakani da ƙarfafa a ciki, amma da ido ba a bambanta su da ƙofofin tsaro na kasuwa waɗanda cikinsu wani lokaci kwali ne. Lambar gwaji da takardar shaidarta su ne abin nema, kuma ɗan kasuwar da ya ce ƙofarsa ba ta cin wuta bai amsa tambayar ba tukuna.

Abin da aka gwada a tanderu kuma ƙofa ce da dukkan kayanta: ƙyaure, firam, hinji uku na ƙarfe, harshen makulli da ke kama firam, gilashi na musamman in akwai, da na'urar da ke mayar da ƙyauren ya rufe da kansa. A gefen ƙyauren ko a jikin firam akwai wani siririn zare da aka binne a cikin tsagi, wanda idan zafi ya kai wajen digiri 200 yake kumbura ninki da yawa ya toshe kafar da ke tsakaninsu. Sai dai kafin ya kumbura hayaƙi mai sanyi-sanyi ya riga ya fara wucewa, shi ya sa ake haɗa shi da wani gashi ko roba mai share firam, wanda ke aiki tun daga minti na farko. Idan kafinta ya sayi ƙyaure mai lamba ya rataya shi a firam ɗin da ya ga dama da hinji biyu, ya fere gefensa da yawa don ya shiga, ya huda shi ya sa gilashin taga, to abin da ya bari a bangon ƙofa ce mai nauyi kawai.

Maganar kafa tana da lissafinta. Ana son tazarar da ke tsakanin ƙyaure da firam a sama da gefe biyu ta kasance milimita 3, kada ta wuce 4. A ƙofa mai tsayin mita 2 da faɗin santimita 90, tsawon gefunan nan uku mita 4.9 ne. Da tazarar milimita 3, jimlar kafar ta kai murabba'in santimita 147. Idan aikin ya yi sakaci tazarar ta zama santimita guda, wanda ba baƙon abu ba ne a gine-ginenmu, kafar ta zama 490, daidai da rami mai santimita 22 a kowane gefe, wanda babu mai yarda a bar masa shi a bango. Idan kuwa ƙofar a buɗe take, fili ne na murabba'in santimita 18,000, fiye da ninki ɗari na na farko. Ta saman wannan fili hayaƙi ke kwarara waje, ta ƙasansa iska mai sanyi ke shiga tana hura wutar.

Abin da ya faru a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 9 ga Janairu 2022 ya nuna nauyin wannan lissafi. Bene ne mai hawa 19. Na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki ta kama a wani gida da ke hawa na biyu da na uku, mutanen gidan suka fita da ransu, amma ƙofarsu, wadda ya kamata ta rufe kanta, ta tsaya a buɗe. Harshen wutar bai yi nisa da gidan da barandar gabansa ba. Hayaƙin ne ya shiga matakala ya hau, ya tarar da wata ƙofar matakala a hawa na 15 ita ma a buɗe, sai matakalar ta zama bututun hayaƙi irin na gidan burodi, mai baki a ƙasa da mafita a sama. Mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya, kuma dukkansu shaƙar hayaƙi ce ta yi ajalinsu. Bangon ginin da dakin ɗinsa sun yi aikinsu. Ƙofofi ne ba su rufe ba. A gobarar benen Grenfell na Landan a watan Yuni 2017, inda mutum 72 suka rasu, babban abin da ya yaɗa wutar shi ne rufin da aka manna a jikin ginin ta waje, amma bincike ya gano cewa na'urorin mayar da ƙofa na gidaje da dama sun lalace ko babu su, abin da ya cika baranda da matakalar ginin guda ɗaya tilo da hayaƙi.

Hayaƙi yana kisa tun kafin zafi ya iso saboda abin da ke cikinsa. Akwai iskar kabon monoksaid, wadda muka sani daga mutuwar masu kwana da janareto a ɗaki, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Katifar soso da wasu yadukan roba suna ƙara wata guba mai saurin sumar da mutum, robar wayar lantarki da ta silin kuma suna fitar da iska mai ƙona ido da maƙogwaro. Ga duhu, wanda ke sa mutum ya ɓata a barandar da ya shekara goma yana bi.

A kwatanta wannan da bene mai hawa uku a Kano, shaguna a ƙasa, sito a tsakiya, ofisoshi da ɗakin masu gadi a sama, matakala guda a tsakiya wadda babu ƙofa ko ɗaya a kanta, kamar yadda aka saba ginawa. A ce batirin sola ya kama a wani sito na hawan tsakiya bayan sallar isha'i, cikin hunturu, kaya a bushe. Idan ƙofar siton a buɗe take, hayaƙi zai bi silin ɗin baranda ya faɗa matakala ya hau, kuma waɗanda ke sama za su tarar hanyarsu guda ɗaya ta toshe kafin ma su tabbatar daga ina warin ke zuwa, tagoginsu kuma duk da ƙarafunan tsaro. Yanzu a sa wa siton ƙofar rabin awa mai rufe kanta, a kuma kewaye matakalar da bango a sa mata irin wannan ƙofa a kowane hawa. Wutar za ta shaƙe a cikin siton, ɗan hayaƙin da ya sulalo zai tsaya a barandar hawan, kuma sai ya tsallake ƙofa ta biyu kafin ya taɓa matakala. Na sama za su sauko cikin iska mai kyau, masu kashe gobara kuma, bayan sun kutsa ta cunkoson titi da rumfunan da suka cinye hanya, za su samu matakalar da za su tsaya a kai su ja tiyo zuwa bakin ɗaki guda. Ƙofofi huɗu ne suka raba labarin farko da na biyu. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai ya yi wa kowane ɗaki ba, matakala ya kamata ya fara karewa, sannan ɗakin janareto, na batura da na girki.

Sai dai dole a faɗi gaskiya game da abin da zai faru da waɗannan ƙofofi a garinmu. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babu wutar lantarki, 'yan dako suna hawa da sauka da diloli a ka, ƙofa mai nauyi da ke rufe kanta za ta zama abin haushi, kuma kafin sati guda wani zai tokare ta da bulo ko ya kwance na'urar. Wanda ya yi hakan yana da dalilinsa, kuma faɗa ba zai hana shi ba. Mafita ita ce a tanadi iska ta wata hanya, ta tagogin da ke kallon waje, sannan a ƙofofin da ake yawan bi a sa maganaɗisun lantarki mai riƙe ƙyaure a buɗe, wanda ke haɗe da na'urar jin hayaƙi, ya sake shi da zarar ƙararrawa ta kaɗa. An tsara shi yadda idan wutar lantarki ta ɗauke zai saki ƙofar ta rufe, wanda shi ne daidai ta fuskar kariya, amma a Kano ma'anarsa ita ce sai an haɗa shi da batir, in ba haka ba ƙofar za ta riƙa rufewa sau da yawa a yini har a gaji a koma ga bulon.

Akwai kuma ruɗanin da ke tsakanin rufewa da kullewa. Ƙofar tsare wuta da ke kan hanyar fita ana son ta rufe harshenta ya kama, don kada matsin iska mai zafi ya tura ta, amma wanda ke ciki ya iya buɗe ta da turi guda ba tare da makulli ba, kuma ta buɗe zuwa inda ake gudu. Sarƙa da kwaɗo a ƙofar matakalar ɗakin kwanan ɗalibai ko na asibiti suna mayar da akwatin da aka gina don tsare wuta ya zama mai tsare mutane. A asibiti ma abin ya fi nauyi, domin majinyacin da ke kan gado ba ya sauka matakala, kuma dabarar da ake bi ita ce a tura gadonsa ta ƙofar tsare wuta zuwa ɓangaren da ke kusa a hawa ɗaya, wanda ba zai yiwu ba sai an raba hawan gida biyu tun a zane. Kundin ka'idojin gini na ƙasa na 2006 ya yi maganar juriyar wuta, kuma wurin da ya fi dacewa a kama wannan shi ne lokacin da ake duba zane kafin a ba da izinin gini, domin ɗaga bango a takarda ya fi arha a kan fasa silin bayan an shiga.

Tsarin yana da iyaka ta waje. Wuta na iya fita ta taga ta lashi tagar hawan sama, tana iya bin rumfar leda da kayan da aka baje a gaban shaguna ta zagaye kowane bango, kuma tukunyar gas ko jarkar fetur da ta fashe ba ta san lambar ƙofa ba. Barandar da aka mayar sito ta daina zama tazara tsakanin akwati da akwati.

Mai gini ko shugaban layi zai iya duba mafi yawan abin da aka faɗa a nan da kansa cikin awa guda. Ya buɗe ƙofa rabi ya sake ta, sannan ya buɗe ta kaɗan kamar faɗin tafin hannu ya sake sakinta, ya ga ko a duka biyun tana rufewa har harshen ya kama, domin na'urar da ta gaji takan rufe daga nesa amma ta kasa daga kusa, kuma man da ke tsiyaya daga jikinta alama ce ta ta mutu. Ya tsaya a gefen duhu ya duba ko haske na shigowa ta saman ƙyauren, ya shafa zaren gefe ya ji ko ya ɓalle ko fenti ya binne gashinsa, ya ƙirga kusoshin hinji. Daga nan ya sa tsani ya ɗaga allon silin guda a kusa da bangon da ya raba shi da maƙwabcinsa, ya haska tocila. Idan hasken ya tsaya a kan bulo, bangon ya kai. Idan ya wuce yana haska katakon rufin shago na uku da na huɗu, to a kira birkila kafin hunturu.